Rataye Shaida Ne, Ba Ɗakin Shirgi Ba

Duk wanda ya saba duba kundayen digiri a sassan nazarin Hausa ya san babin nan da yake kumbura ya fi sauran babi-babi, wato babin da aka keɓe wa ƙalailaice bayanai. Sau da yawa ba zurfin nazari ne ya kumbura shi ba. Ɗalibi ne ya kwaso duk abin da ya taro a fagen bincike ya zuba a ciki: takardar tambayoyi sukutum, da amsar kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, da hirarraki daga sallama har bankwana. Sai mai karatu ya ratsa shafi talatin kafin ya ci karo da jimla guda wadda marubucin ya faɗi abin da ya gano. Shawarar da malamai suka saba bayarwa ita ce a mayar da wannan kaya rataye, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai rabin aiki ce. Ra'ayina shi ne kai ɗanyen bayani rataye bai halatta ba sai an cika sharuɗɗa biyu: a bar hujjar da magana ta dogara a kanta a cikin gundarin aiki, sannan a yi wa duk abin da aka kai rataye adireshin da mai karatu zai bi ya iske shi cikin minti ɗaya. Idan ɗayan sharuɗɗan nan ya faɗi, an ɓoye shaida ne da sunan gyaran kundi.

Kundi ɗaya a matsayin misali

Domin kada maganar ta tsaya a iska, mu ƙaddara wani kundin digiri na biyu a kan karin harshen Sakkwatanci. Alƙaluman da za a kawo a nan na misali ne kawai, amma siffofin harshen sanannu ne. Ɗalibin yana son ya gano ko matasan birnin Sakkwato sun fara barin siffofin shuɗaɗɗen lokaci na biyu irin su sunka da munka da anka, suna komawa ga suka da muka da aka na Daidaitacciyar Hausa. Ya zaɓi mutum 60, rabi waɗanda suka haura shekara 50, rabi waɗanda ba su kai 30 ba. Ya yi amfani da takardar tambayoyi mai shafi 3, wadda a ƙarshenta akwai jimloli 10 da ake so mai amsa ya ƙarasa da bakinsa. Ya kuma bi da kowa ta jerin kalmomi 100, sannan ya yi doguwar hira da mutum 12 daga cikinsu.

Lissafin abin da ya taro ba wuya. Jerin kalmomi 100 a bakin mutum 60 amsa 6,000 ke nan, kuma idan shafi yana ɗaukar amsa 200 an sami shafi 30. Jimloli 10 sun ba da amsa 600, wato shafi 3. Hira 12, kowace ta cika shafi 8, shafi 96 ke nan. Idan aka haɗa da takardar tambayoyin, ɗanyen bayani ya kai shafi 132, alhali sharhin da ɗalibin ya rubuta da kansa da ƙyar ya kai shafi 25. In aka cakuɗa su wuri guda, a cikin kowane shafi shida mai jarrabawa zai sami shafi ɗaya ne kacal na tunanin ɗalibi, kuma sai ya tsinto shi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Babu mai musun cewa wannan kaya bai dace da tsakiyar babi ba. Tambayar ita ce, me za a ɗauke, me kuma za a bari.

Abin da ya wajaba ya tsaya a gundarin aiki

Ma'aunin da nake ganin ya fi sauƙin aiki shi ne wannan: a karanta babin kamar an yage rataye an jefar. Idan mai karatu zai iya fahimtar da'awar da aka yi, ya ga hujjarta, ya kuma yanke hukuncin ko ta gamsar da shi, to rabon ya yi daidai. Idan sai ya juya baya kafin ya gane abin da ake nufi, an kai rataye abin da ba nasa ba.

A kundinmu, abin da zai tsaya a cikin babi ƙaramin jadawali ne mai layi biyu. A cikin dattawa 30, mutum 25 sun yi amfani da sunka kaɗai, 4 sun gauraya siffofin biyu, 1 ya tsaya a kan suka. A cikin matasa 30, mutum 11 sun riƙe sunka kaɗai, 13 sun gauraya, 6 sun koma suka ɗungurungum. Waɗannan alƙaluma shida su ne ƙashin bayan babin, kuma wurinsu shi ne gaban idon mai karatu, tare da jimla biyu ko uku na misali da aka ciro daga hira. Amsoshi 600 da aka tace har aka sami alƙaluman, su ne za su tafi rataye.

Akwai abu na uku da ɗalibai suka fi mantawa, wato ƙa'idar ƙidaya. A dubi matasan nan 13 da suka gauraya. Idan aka haɗa su da masu sunka, za a ce matasa 24 cikin 30 har yanzu suna riƙe da siffar Sakkwatanci, ke nan karin harshen yana nan daram. Idan kuwa aka haɗa su da masu suka, za a ce siffar Daidaitacciyar Hausa ta shiga bakin matasa 19 cikin 30, ke nan karin harshen yana zaizayewa. Bayani ɗaya ne, amma sakamako biyu masu karo da juna suna iya fita daga cikinsa. Saboda haka dole a faɗa a cikin babi yadda aka yanke wa mutum hukuncin mai gaurayawa: shin wanda ya faɗi suka sau ɗaya cikin jimla goma an lissafa shi daidai da wanda ya faɗa sau tara? Bayanin wannan ƙa'ida ba zai wuce layi huɗu ba, kuma kai shi rataye daidai yake da ɓoye mudun da aka yi awo da shi.

Haka lamarin yake a nazarin adabi. Wanda yake nazarin salo a waƙoƙin fada na Ibrahim Narambaɗa zai kai cikakken matanin waƙoƙin rataye, amma ɗan waƙar da yake ciro kamance ko kinaya daga cikinsa dole ya bayyana a inda ake sharhin. Sharhin salo ba tare da matani a gaban ido ba kamar kwatanta launi ne a cikin duhu.

Takardar tambayoyi

Abin da ake kaiwa rataye shi ne kwafi ɗaya na takardar da ba a cike ba, daidai yadda aka yi amfani da ita, da jerin tambayoyin yadda suka zo da kuma bayanin da aka karanta wa mai amsa tun farko. Ba a buƙatar hoton takardu 60 da aka cike, domin amsoshin za su zo a tsare cikin jadawali, asalin takardun kuma su zauna a hannun mai bincike ko a sashe, ko da mai jarrabawa zai nema.

Kalmar "daidai" tana da nauyi a nan. Akan sami ɗalibin da ya tsara tambayoyinsa da Ingilishi don mai duba aikinsa ya amince, sannan ya je fage yana fassarawa da baki, daga ƙarshe ya liƙa ta Ingilishin a rataye. Wannan takarda ba ita ce aka yi binciken da ita ba. A binciken karin harshe kuwa, harshen tambaya yana iya sauya amsa. Idan mai bincike ya karanta wa Basakkwace farkon jimla da Daidaitacciyar Hausa, ya ce "Jiya da muka fita," akwai yiwuwar mai amsa ya bi sawunsa ya ƙarasa da suka, musamman matashin da ya yi makaranta wanda yake ganin jarrabawa ake yi masa. Ta haka adadin masu suka zai hauhawa, ba don haka suke magana a gida ba. Mai jarrabawa ba shi da hanyar gano wannan matsala sai ya ga jimlolin kamar yadda aka furta su. Don haka a sanya takardar Hausa da aka yi aiki da ita, idan akwai ta Ingilishi a biyo da ita, kuma tambaya ɗaya ko biyu da sakamako ya rataya a kansu a kawo lafazinsu a cikin babin hanyoyin bincike.

Adireshin da ake iya bi

A nan ne yawancin kundaye suke tuntuɓe. Marubuci yakan rufe sakin layi da "dubi rataye," alhali ratayen shafi 132 ne. Wannan ba ishara ba ce, allura ce cikin ruwa, kuma mai jarrabawa ba zai tsaya jiran rabo ba. Ko dai ya yarda ba tare da dubawa ba, ko ya ƙi yarda, kuma dukkan biyun asara ce ga aikin.

Gyaran yana farawa da rarraba rataye bisa nau'in kaya, kowane da lambarsa da takensa, kowane ya fara a sabon shafi, kuma duka su fito a ƙumshiya. A kundinmu, Rataye na 1 zai ɗauki takardar tambayoyi, na 2 jerin waɗanda aka tambaya, na 3 amsoshin jimloli goma, na 4 amsoshin jerin kalmomi, na 5 matanin hirarraki. Jerin ya bi yadda aka fara ambaton su a cikin aiki, ta yadda mai karatu ba zai ci karo da Rataye na 4 ba tun bai ji labarin na 2 ba. Duk ratayen da ba a ambace shi ko sau ɗaya a cikin aiki ba, to a cire shi, domin rashin ambatonsa shaida ce cewa babu da'awar da ta jingina da shi.

Tsarin APA, wanda mujallu da sassa da dama suke bi, yana yi wa rataye lamba da haruffa, A da B da C. Ga mai rubutu da Hausa ina ganin lambobi sun fi aminci. A abacadar Hausa harafin da yake bin B shi ne Ɓ, wanda yake bin D kuma Ɗ ne, don haka "Rataye D" yana iya zama na huɗu a lissafin wani, ya zama na biyar a lissafin wani. Ga kuma matsalar ƙugiya, wadda takan ɓace ko ta rikiɗe ta zama wata alama idan an buɗe rubutu a na'urar da ba ta da irin haruffan da aka buga shi da su. Inda dokar sashe ta tilasta haruffa, a bi, amma a tsaya ga jerin da babu masu ƙugiya a ciki.

Bayan lambar rataye sai lambar abin da yake cikinsa. Jadawalin rataye yana bukatar lambar da ba za ta yi karo da ta babi ba, domin "Jadawali 3.2" yana iya nufin na biyu a babi na uku ko na biyu a Rataye na 3. Ƙara harafi ɗaya yana warware wannan, a rubuta Jadawali R3.2. Kowane mai amsa a ba shi lamba wadda ba ta canjawa daga farkon kundi zuwa ƙarshe, misali D01 zuwa D30 ga dattawa, M01 zuwa M30 ga matasa. Matanin hira kuma a sanya wa layukansa lamba, a riƙa nuna ta bayan kowane layi biyar. Idan aka yi haka, jimla a cikin babi za ta zo kamar haka: "Wasu matasa sukan sauya siffa a cikin zance guda, kamar M14 da ya fara da sunka a labarin gida, ya koma suka da zancen ya juya kan makaranta (Rataye na 5, Hira ta 9, layi 40 zuwa 55)." Mai shakka zai buɗe wurin ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. A nazarin waƙa, lambar waƙa da ta ɗa ko baiti su ne za su tsaya a madadin lambar hira da layi.

An fi son lambar layi a kan lambar shafi saboda shafi yana motsi. Da zarar mai duba aiki ya ce a ƙara sakin layi biyu a babi na ɗaya, duk lambobin shafi na gaba sun goce, amma layi na 40 na Hira ta 9 yana nan inda yake, ko a takarda ko a allon na'ura. Ga jadawalai kuwa, mai aiki da Microsoft Word yana iya sanya musu take ta Insert Caption, ya yi ishara gare su ta Cross-reference, sannan kafin bugawa ya zaɓi rubutun duka ya danna F9 domin lambobin su daidaita da kansu.

Yadda ake gane an yi kuskure

Gwajin ba ya cin lokaci. A zaɓi ishara biyar daga wurare daban-daban na babin, a miƙa wa wanda bai san aikin ba, a ce ya nemo su. Wadda ta ɗauke shi fiye da minti ɗaya, adireshinta bai cika ba. Sannan a ɗauki adadi ɗaya daga jadawalin babi a sake ƙirga shi daga rataye. Idan babi ya ce matasa 13 ne suka gauraya, a shiga Rataye na 3 a ƙirga. In aka sami 12, yawanci dalilin shi ne an cire wani mai amsa daga baya, wataƙila saboda an gano a Kano ya tashi, aka gyara rataye aka manta da babi. Irin wannan saɓani ƙarami ne a ido, amma mai jarrabawar da ya kama ɗaya ba zai ƙara amincewa da sauran alƙaluman ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan illa, shi ne gyara ɗanyen bayani. Mai buga kundi, ko ɗalibin da kansa, yakan ga hwari ya mayar da shi fari, ya ga yat tahi ya mayar ya tafi, ya ga dirkar na ko ta ya mayar ne ko ce, yana ganin kuskuren rubutu yake gyarawa. Ƙa'idojin rubutun Daidaitacciyar Hausa na gundarin aiki ne. A rataye ana rubuta abin da baki ya furta, kuma a shafin farko na ratayen a bayyana alamomin da aka yi amfani da su wajen nuna dakatawa, da abin da ba a ji sosai ba, da inda aka tsallake. Idan aka daidaita matanin hira, an shafe ainihin abin da aka je nema.

Sunayen mutane ma suna bukatar hukunci. Al'adarmu ta jera waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da wuri da ranar hira, al'ada ce mai kyau, kuma makaɗi ko masanin tarihin gari ya cancanci a ambace shi, kada a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Amma kundin da a da yake kwance a kantar ɗakin karatu yanzu ana ɗora shi a intanet. Wanda ya yi magana a kan bori, ko rikicin sarauta, ko sirrin aurensa, bai yi ta don kowa ya karanta da sunansa ba. A irin wannan a bar lamba da shekaru da jinsi da unguwa a rataye, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna a wurin mai bincike.

Abin da masu saɓani za su ce

Wasu malamai suna cewa ba mai karanta rataye, don haka abin da aka kai can ya mutu. Gaskiya ne ba a karanta rataye daga farko zuwa ƙarshe, amma ba don haka aka yi shi ba, kamar yadda ba a karanta ƙamus a jere. Ana shiga ne a duba abu guda a fito, kuma ingancin adireshi ne yake sa a shiga. Wasu kuma suna tsoron kundi zai rame idan aka kwashe bayanan, har a ga kamar ɗalibi bai yi aiki ba. Ramar nan ita ce amfanin abin, domin ita take nuna wa mai duba aiki tun da wuri cewa sharhin shafi 25 ne, ko ma 8, tun da sauran lokacin da za a zurfafa shi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na maƙalar mujalla, inda ake ƙayyade yawan kalmomi, babu wurin shafi 132. A nan mafita ita ce a rataya takardar tambayoyi da jadawali ɗaya da alƙaluman maƙalar suka fito daga cikinsa, sauran kuma a yi ishara ga kundin da suke ciki da irin cikakken adireshin da aka bayyana a sama. Mujallar da take fita a intanet ba ta da uzurin tsadar takarda, tana iya ajiye ƙarin bayanan a gefen maƙala, muddin editoci za su tura wa masu tantancewa su tare da maƙalar, su kuma tabbatar an buga su da haruffan Unicode domin ƙugiya ta tsira.

Akwai dalili na ƙarshe da ya keɓanta da fagenmu. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, wanda ya fito a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, tarin matani ne, kuma har yau manazarta suna komawa gare shi saboda matanin. Hirar da ɗalibi ya yi da tsohuwa 'yar shekara 80 a Sakkwato ba za a sake yin irinta ba bayan 'yan shekaru, alhali ra'in da ya ɗora nazarinsa a kai yana iya tsufa kafin nan. Mai yiwuwa ne Rataye na 5 ya zama sashen kundin da za a fi nema nan da shekara hamsin. Saboda haka ina kira ga sassanmu da su sanya tsarin rataye cikin abin da ake ba maki a jarrabawar baka, kuma mai jarrabawa ya riƙa zaɓar ishara biyu ko uku ya ce ɗalibi ya buɗe su a gaban kwamiti.